Insha'in Turanci a Kan Sikeli: Yadda Ake Auna Matsaya, Hujja da Tsari

Ɗalibi ya rubuta insha'in Turanci mai kalmomi 300, babu kuskuren nahawu ko ɗaya, amma takardarsa ta dawo da maki 9 cikin 16. Ɗalibar da ke zaune kusa da shi, wadda jan biro ya cika takardarta da gyaran kalmomi, ita kuma ta tashi da 12. Duk uban da ya ga takardun nan biyu zai ce an yi son kai, ko kuma malamin bai karanta ba. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne. Malamin ya bi wani ma'auni ne da ke duba abubuwa uku kacal, wato matsaya da hujja da tsari, kuma kyawun Turanci ba ya cikinsu.

Ruɗanin yana da asali. Ɗaliban da suka taso suna shirin jarrabawar WAEC sun saba da wani rabon maki daban. A can insha'i maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Ke nan maki 30 cikin 50 na harshe ne. Wanda ya shekara shida ana ce masa ya kiyayi kuskure, idan aka miƙa masa ma'aunin da bai ware wa harshe maki ba, dole kansa ya ɗaure.

## Me kalmomin nan suke nufi

Ma'aunin maki, wanda malamai ke kira rubirik, jadawali ne. A gefe guda an jera abubuwan da za a duba, a ɗaya gefen kuma matakai, misali daga 1 zuwa 4. A kowane gida an rubuta siffar aikin da ya cancanci wannan mataki. Mai duba takarda ba ya tambayar kansa ko insha'in ya burge shi. Abin da yake nema shi ne wane gida ne ya fi kama da abin da ke gabansa.

Matsaya ita ce abin da ake kira tisis da Turanci. Kalmar tana rikita mutane domin ita ce kuma sunan kundin da ake rubutawa a kammala digiri. A gajeren insha'i ma'anarta jimla ɗaya ko biyu ne da ke faɗin ɓangaren da marubuci ya ɗauka a kan tambayar da aka yi masa. Gwajinta mai sauƙi ne: shin mai hankali zai iya cewa "ban yarda ba"? Idan babu wanda zai ja da maganar, to ba matsaya ba ce, bayani ne kawai.

Hujja tana da ƙafa biyu. Akwai abin da aka kawo, kamar misali ko adadi ko wani abu da ya faru ko magana daga rubutun da aka ba ɗalibi ya karanta. Akwai kuma bayanin da ke ɗaure abin da aka kawo da matsaya. Ɗalibai da yawa suna kawo na farko su bar na biyu, su ajiye misali su wuce kamar wanda ya kawo kaya kasuwa bai faɗi farashi ba.

Tsari kuwa shi ne yadda aka jera tunani: kowane sakin layi yana da aiki ɗaya, na gaba ya hau kan na baya, mai karatu bai ɓace a hanya ba.

## Daga ina aka samo wannan hanya

Matsalar da ake son magancewa tsohuwa ce. A shekarar 1912 wasu masu bincike biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka raba kwafin takardun Turanci guda biyu ga malaman sakandare, 142 suka duba suka mayar. Takarda ɗaya ta sami maki daga 64 zuwa 98 cikin 100, ɗayar kuma daga 50 zuwa 97. Takarda guda ke nan, wani ya kayar da ita, wani ya kusa ba ta cikakken maki.

A 1961 Paul Diederich da abokan aikinsa a hukumar shirya jarrabawa ta ETS suka ba mutum 53 insha'i 300 na sababbin ɗaliban jami'a, suka ce su ba da maki daga 1 zuwa 9. Cikin masu dubawar akwai malamai da lauyoyi da editoci da 'yan kasuwa. Babu insha'in da ya sami ƙasa da maki iri biyar daban-daban, kuma kashi 94 cikin 100 sun sami iri bakwai ko takwas ko tara. Da aka bi bayanan da suka rubuta, sai aka ga ba sakaci ne ya raba su ba. Wani tunani yake dubawa, wani tsari, wani zaɓen kalmomi, wani kuma kurakurai yake ƙirgawa. Kowa da sikelinsa a ka. Daga irin wannan bincike ne aka ƙarfafa dabarar raba maki gida-gida, a kuma rubuta ma'anar kowane gida yadda kowa zai gani.

## Takardu biyu a kan tebur

Mu ɗauki misali. Malami ya ba 'yan aji biyu na babbar sakandare tambaya: shin ya kamata a bar ɗalibai su zo makaranta da waya? Kalmomi 300 ake so. Ma'auninsa yana da matakai huɗu a kowane gida, sai dai makin hujja ana ninka shi biyu. Ke nan matsaya 4, hujja 8, tsari 4, jimilla 16. Za a kawo jimlolin ɗaliban a nan da ma'anarsu ta Hausa.

Malamin da ya san aikin ba ya fara da biro a hannu. Yakan karanta takardar sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe bai rubuta komai ba. Sannan ya koma sau uku, kowane zagaye da tambaya ɗaya. A takarda mai kalmomi 300 duk wannan bai wuce 'yan mintoci ba.

Zagayen farko na matsaya ne, kuma ƙa'idarsa ita ce malami ya iya ɗora yatsa a kan jimlar. Takarda ta farko, mai tsaftataccen Turancin nan, ta buɗe da cewa: "Waya tana da amfani kuma tana da illa, a wannan insha'i zan tattauna duka biyun." Babu mai musun wannan. Alkawari ne na abin da za a yi, ba a ɗauki ɓangare ba. Sai a jimlar ƙarshe ta insha'in ɗalibin ya ce: "Don haka ina ganin gara a hana." Matsaya ta bayyana, amma a makare, kuma babu dalili a tare da ita. Ma'aunin ya ce mataki na 1 shi ne babu matsaya, na 2 akwai amma a dushe ko ba dalili, na 3 a fili take, na 4 a fili take kuma ta nuna dalili da iyakarta. Wannan takarda 2 ce.

Takarda ta biyu ta ce: "A bar ɗalibai su zo da waya, amma ta zauna a hannun malami sai lokacin bincike, domin hana ta gaba ɗaya yana cutar da waɗanda ba su da wata na'ura a gida." A Turancin ɗalibar akwai kurakurai biyu a cikin wannan jimla, aikatau bai dace da mai aiki ba, ta kuma rubuta wata kalma ba daidai ba. Malamin zai zagaye su domin ta gyara. Amma jimlar ta ɗauki ɓangare, ta sa sharaɗi, ta ba da dalili, kuma shugaban makaranta zai iya tashi ya ce bai yarda ba. Wannan 4 ce, kurakuran ba su taɓa ta ba.

## Zagayen hujja, inda maki ya fi yawa

A nan aikin ya fi nauyi. Dabarar da ke taimakawa ita ce alama iri biyu: a ja layi ƙarƙashin duk wani takamaiman abu da ɗalibi ya kawo, a kuma sa ɗan tauraro a gefen duk jimlar da ta bayyana yadda abin ya shafi matsaya. Idan aka gama, a dubi takardar daga nesa. Layi ba tauraro yana nufin an jibge misalai ba bayani. Tauraro ba layi kuma yana nufin an yi ta dogon Turanci a kan iska.

Takarda ta farko ta ce waya tana ɗauke hankalin ɗalibai, tana jawo satar amsa, tana ɓata tarbiyya. Duka ukun da'awa ne, kowannensu yana jiran tasa hujjar. Ɗalibin ya ƙara da cewa "bincike ya nuna kashi 90 cikin 100 na ɗalibai suna faɗuwa saboda waya," bai faɗi wane bincike ba, ko a ina, ko yaushe. Adadin da ba shi da uwa ba shi da uba yana yaudarar sabon mai duba takarda, domin lamba tana kama da hujja. Gogaggen malami ba ya ƙirga ta. Abu ɗaya ne ya sami layi a takardar: ɗalibin ya ba da labarin ranar da waya ta yi ƙara ana tsakiyar darasin lissafi, aji ya ɓarke da dariya, malami ya sake faro bayani daga farko. Wannan hujja ce ta gaske, ko da daga ajinsu ta fito. Sai dai ya ajiye ta ya wuce, bai ce me ta tabbatar ba. Misali ɗaya, bayani babu: mataki na 2, wato maki 4 cikin 8.

Takarda ta biyu ta kawo abubuwa biyu. Na farko, da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, yayanta ya ci gaba da karɓar darasi ta saƙon murya a WhatsApp, maƙwabcinsu da ba shi da waya kuwa ya zauna haka. Ta biyo da bayani: bambancin yaran biyu ba na ƙwaƙwalwa ba ne, na kayan aiki ne, kuma makarantar da ta hana waya ta rufe wa irin maƙwabcin nan ƙofar koyon bincike da ita. Layi da tauraro sun haɗu. Na biyu, ta ce jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, don haka ɗalibai suna buƙatar waya. Gaskiya ne a kwamfuta ake yin ta, amma akwai rami a tsakanin jimlolin biyu. Waya ba kwamfuta ba ce, kuma ba ta nuna yadda saba wa ɗaya ke taimaka wa ɗaya ba. Hujja ɗaya cikakkiya, ɗaya kuma da gurguwar ƙafa: mataki na 3, maki 6 cikin 8.

Akwai abin lura a nan. Ba yardar malami ake aunawa ba. Yana iya kasancewa cikin masu son a hana waya kwata-kwata, duk da haka ya ba ɗalibar 6. Idan ya ji hannunsa yana sauka domin ra'ayinta ya saɓa da nasa, to ya bar ma'auni ya koma kansa.

## Tsari ba kalmomin haɗi ba ne

Ɗalibai sun haddace kalmomin Turanci masu ma'anar "da farko", "na biyu", "bugu da ƙari", "a ƙarshe", suna yayyafa su a farkon kowane sakin layi. Waɗannan alamun hanya ne, ba su ne hanyar ba. Gwaji biyu ne ke tona asiri. Na farko, malami ya rubuta aikin kowane sakin layi a gefe da kalmomi uku ko huɗu. Wanda ya ƙi taƙaituwa, abu biyu aka cusa a ciki. Na biyu, ya musanya sakin layi na biyu da na uku a zuciyarsa. Idan babu abin da ya lalace, jere ne aka yi, ba gini ba.

Takarda ta farko tana da gabatarwa, sakin layi na amfani, na illa, sai kammalawa. Kowanne yana da aiki ɗaya, ba a ɓacewa. Amma ana iya juya na tsakiyan ba tare da asarar komai ba. Ta sami 3. Takarda ta biyu a nan ta yi tuntuɓe: ta haɗa labarin korona da maganar JAMB a sakin layi guda mai tsawon rabin shafi, sannan ta sako sabuwar magana a kan tsadar data a cikin kammalawa, inda babu sauran wurin kare ta. Ta sami 2.

Jimilla ke nan: ta farko 2 da 4 da 3, wato 9. Ta biyu 4 da 6 da 2, wato 12.

## Inda ake kuskure, da yadda ake ganewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gida ɗaya ya malala cikin sauran. Kyakkyawan rubutun hannu da Turanci mai santsi suna sa malami ya ba da 4, 4, 4 bai ankara ba, takarda mai kurakurai kuma ta kwashi 2, 2, 2. Alamar a bayyane take: idan ya dubi jerin makin ajinsa ya ga kusan kowane ɗalibi matakinsa ɗaya ne a duka gidaje uku, to maki ɗaya ya yanke a ransa sannan ya rarraba.

Wani kuma shi ne hukunci biyu a kan laifi ɗaya. Ɗalibin da matsayarsa ta dushe, hujjarsa ba ta da abin da za ta tallafa, sai a rage masa a gida na farko, a sake ragewa a na biyu, har a na uku. Wasu hukumomi sun rubuta ƙa'ida a kan wannan. A jarrabawar Turanci ta AP da hukumar College Board ke shiryawa a Amurka, an bar tsohon ma'auni mai maki 9 dunƙule aka koma mai maki 6 tun daga shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020: 1 na matsaya, 4 na hujja da bayaninta, 1 na zurfin tunani. Ƙa'idarsu ta ce ana ba da makin matsaya ko da sauran insha'in bai iya kare ta ba. Abin lura kuma, ba su ware wa tsari gida ba, sun sa jerin tunani a cikin gidan hujja. Wannan ya nuna cewa su kansu masu tsara ma'auni ba su daidaita a kan inda hujja ta ƙare tsari ya fara ba.

Sai gajiya. Takarda ta 60 ba ta samun idon da ta 5 ta samu, kuma matsakaiciyar takarda da ta biyo bayan mai rauni takan yi kyau fiye da yadda take. Maganin shi ne a ware takardu uku tun farko, mai ƙarfi da matsakaiciya da mai rauni, a riƙa komawa gare su bayan kowace takarda goma ko sha biyar. Irin abin da ake yi ke nan a taron kodineshan na WAEC, inda masu duba takardu ke fara gwada hannu a kan kwafin takardu iri ɗaya kafin a ba kowa nasa ƙunshin.

## Masu goyon baya da masu suka

Masu goyon bayan ma'auni suna cewa yana rage son rai, yana ba ɗalibi damar sanin abin da ake nema kafin ya ɗauki biro, kuma yana mayar da ƙorafi zuwa magana a kan jimla takamaimai. Masu suka, irin su marubucin Amurka Alfie Kohn, suna ganin yana sa ɗalibi ya yi rubutu domin cike gidaje, har insha'in aji guda su fito kamar bulo daga inji ɗaya. Suna ƙara da cewa daidaituwar malamai biyu ba ta tabbatar da cewa abin da suka auna shi ne mai muhimmanci. A 2005 Les Perelman na jami'ar MIT ya nuna cewa a insha'in SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, tsawon rubutu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan maki, alhali akwai ma'auni a rubuce.

Akwai kuma sukar da ta fi kusa da gida: yaya za a duba insha'in Turanci a bar Turancin? Inda Turanci harshe na biyu ne ko na uku, wannan tambaya tana da nauyi. Ma'aunin rubutu na jarrabawar Turanci ta IELTS, misali, ya ware biyu daga cikin gidajensa huɗu ga kalmomi da nahawu. Amsar ta dogara ne ga abin da darasin ke son koyarwa a wannan mako. Idan kafa hujja ake koya, cire harshe daga maki yana barin a ga wanda ya iya tunani. Amma iyakar ita ce fahimta: kuskuren da ya hana a gane jimla yana cin maki ko a wane ma'auni, domin matsayar da ba a gane ba, ba za a iya ɗora mata yatsa ba.

## Abin da ya shafi ɗalibi da iyaye

Ƙaramin ma'auni yana da manyan matakai. Maki 9 cikin 16 kusan kashi 56 ne, 12 kuma kashi 75. A gidan hujja mataki ɗaya maki 2 ne, wato kashi 12.5. Da malamin ya sauke takarda ta farko daga 2 zuwa 1 a wannan gida, da ta koma 7, kusan kashi 44, ƙasa da kiredit a makarantun da suka sa shi a kan 50. Shawara guda ta minti ɗaya ke nan. Saboda haka takardar da ta faɗo a kan iyaka ta cancanci a sake karanta ta, ko a ba wani malami ya duba bai ga makin farko ba. Idan suka bambanta da mataki ɗaya a gida guda, wannan ba abin mamaki ba ne. Idan tazarar ta kai biyu, ko bayanin gidan ne bai fito ba, ko ɗayansu ya auna wani abu daban.

Ɗalibi yana da haƙƙin ganin ma'aunin kafin ya rubuta, da kuma ganin makinsa gida-gida, ba jimilla kaɗai ba. Uba ko uwar da ke son bin kadi ba sai sun ce "me ya sa ya sami 9" ba. Tambayar da ke samun amsa ita ce: "Malam, a wane gida ya rasa, kuma wace jimla ce ta jawo?" A takarda ta farko amsar a shirye take. Ya ɗauko jimlarsa ta ƙarshe ya kai ta sakin layi na farko tare da dalili, ya goge kashi 90 ɗin nan, ya ƙara jimloli biyu bayan labarin darasin lissafi da ke nuna cewa ƙarar waya ɗaya ta ci lokacin aji guda. Matsaya za ta tashi zuwa 3 ko 4, hujja zuwa 6, makinsa ya kai 12 ko 13 ba tare da ya canja ko kalma ɗaya ta nahawu ba.